Wasiƙar rakiyar maƙala zuwa ga editan mujalla: tambayoyi da amsoshi ga masu rubutu kan aikin Hajji

Waɗannan tambayoyi ne da ɗaliban digiri na biyu da na uku da ƙananan malaman jami'a suka fi yi idan sun gama rubuta maƙala kan aikin Hajji, sun zo gaɓar aika ta ga mujallar ilimi. Misalin da za a yi ta komawa kansa shi ne maƙala kan mahajjatan ƙasar Hausa da suka bi hanyar ƙasa ta Chadi da Sudan kafin jirgin sama ya karɓe jigilar alhazai.

Tunda maƙalar tana da tsakure a samanta, mene ne kuma amfanin wasiƙar?

Tsakure na mai karatu ne, wasiƙa kuwa ta edita ce shi kaɗai. Kafin kowa ya duba ingancin aikinka, edita zai yanke hukunci ɗaya: ya tura maƙalar ga masu bita, ko ya mayar maka da ita daga kan teburinsa. Yawanci shi ma malamin jami'a ne mai azuzuwa da ɗalibai, aikin mujallar ƙari ne a kansa, kuma neman masu bita biyu da za su yarda su karanta kyauta wahala ce. Saboda haka abin da yake nema a wasiƙarka shi ne amsar tambayoyi uku: me maƙalar ta gano, me ya sa ta dace da wannan mujalla, kuma akwai wata matsala da ya kamata ya sani tun yanzu? Tsakure yana amsa ta farko kawai. Wanda ya kwafe tsakurensa ya liƙa a wasiƙa ya sa edita ya karanta abu ɗaya sau biyu, ya bar sauran tambayoyin babu amsa.

Yaya tsawonta ya kamata ya zama?

Shafi ɗaya. Kalmomi 250 zuwa 350 sun isa. Idan ta tsallaka shafi na biyu, duba da kyau, za ka tarar ko gaisuwa ce ta yi yawa ko tarihin karatunka ne ya shigo.

Zan iya buɗewa da gaisuwa irin tamu?

Ya danganta da inda wasiƙar za ta. Idan mujallar cikin gida ce, mai karɓar Hausa ko Larabci, kamar mujallun sassan harsunan Nijeriya da na nazarin addinin Musulunci a jami'o'inmu, sallama da layi ɗaya na gaisuwa ba laifi ba ne, rashinsu ma yana iya zama rashin ladabi. “Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri” ya wadatar, sai a shiga magana. Ba a buƙatar tambayar iyali da gajiya, ba a kuma buƙatar kirari. Edita ba zai buga maƙala don an kira shi fitilar ilimi ba.

Idan mujallar waje ce, da harshen mujallar za ka rubuta, kuma sunan editan da muƙaminsa sun isa gaisuwa. Shiga shafin mujallar ka ga wanda ke riƙe da ita yanzu, domin editoci suna canzawa, kuma wanda ka gani a fitowar shekara biyar da ta wuce mai yiwuwa ya sauka. Ka tabbatar ko namiji ne ko mace kafin ka rubuta. Idan editocin suna da yawa, ka ce “Zuwa ga Editoci” kurum.

To me ya bambanta maƙala kan aikin Hajji da sauran maƙaloli a wannan wasiƙa?

Nan ne mutane suka fi tuntuɓe. Aikin Hajji batu ne da fannoni da yawa suke da haƙƙi a cikinsa. Masanin fiƙihu yana rubutu kan hukuncin jifa da hadaya. Masanin tarihi yana bin hanyoyin da aka bi da takardun Turawan mulki. Likita yana kallon sanƙarau da zafin rana da cunkoso. Masanin tattalin arziki yana lissafin kuɗin kujera da canjin dala da adashin gata. Masanin siyasa yana duban yadda gwamnati ta shiga harkar, daga Hukumar Alhazan Nijeriya ta 1975 zuwa Hukumar Alhazai ta Ƙasa da aka kafa a 2006. Duk waɗannan “maƙala kan Hajji” ce, amma babu mujalla ɗaya da za ta karɓe su gaba ɗaya.

Don haka aikin farko na wasiƙarka shi ne ta faɗa wa edita ta wace ƙofa ka shigo. Ɗauki maƙalar hanyar ƙasa. Idan Journal of African History za ka aika wa, abin da za ka sa a gaba shi ne zamanin da ka nazarta, takardun da ka karanta, da abin da ka gyara ko ka ƙara a kan fahimtar masana tarihi. Idan Islamic Africa ce, sai ka nuna abin da maƙalar ke faɗa game da rayuwar Musulmin Afirka da alaƙarsu da ƙasa mai tsarki. Idan kuwa International Journal of Religious Tourism and Pilgrimage ce, masu karanta ta suna nazarin tafiye-tafiyen ibada na addinai daban-daban, sai ka nuna darasin da tafiyar shekaru a ƙafa ke bayarwa ga mai nazarin tafiyar ibada ko'ina. Wasiƙa ɗaya ba za ta yi wa ukun ba. Sau da yawa ma, idan ka zauna rubuta wannan sakin layi ka ga ya ƙi fitowa, alama ce ba mujallar maƙalarka ba ce, gara ka gane haka kafin ka yi wata shida kana jira.

Abu na biyu, kada wasiƙar ta koma wa'azi. An saba ganin sakin layi na farko yana bayanin cewa Hajji rukuni ne na biyar kuma miliyoyin Musulmi suna zuwa kowace shekara. Gaskiya ne, amma editan mujallar nazarin Musulunci ya san haka tun kafin a haifi wasunmu, editan mujallar tarihi kuma ba abin da yake jira ke nan ba. Falalar ibadar ba ta zama hujjar buga maƙala.

Yaya zan faɗi abin da na gano ba tare da cika baki ba?

Ka faɗi sakamakon, ba batun ba. Dubi bambancin waɗannan biyu. Na farko: “Maƙalar ta yi nazari a kan tarihin aikin Hajji a Arewacin Nijeriya da irin ƙalubalen da alhazai suka fuskanta.” Wannan bai gaya wa edita komai ba, ana iya rubuta shi kafin a fara binciken. Na biyu: “Maƙalar ta nuna cewa ga mahajjatan da suka tashi daga Kano tsakanin 1925 da 1955, zaman ƙwadago a gonakin auduga na Gezira da ke Sudan ba tsaiko ba ne da ya faɗo musu a hanya, wani ɓangare ne na shirin tafiyar tun daga gida.” Wannan magana ce da za a iya yarda da ita ko a musanta ta, kuma edita ya riga ya fara tunanin wanda zai tura wa.

Sai ka guji jumlar nan mai daɗin rubutawa: “Babu wanda ya taɓa yin rubutu a kan wannan.” A kan hanyar ƙasa dai an yi. J. S. Birks ya fitar da littafi a kanta a 1978, C. Bawa Yamba kuma ya yi nasa a 1995 kan Hausawan da suka zauna a Sudan suna ɗaukar kansu mahajjata a kan hanya. Editan da ya san fannin, da zarar ya ga taken maƙalarka waɗannan ne za su faɗo masa. Idan wasiƙarka ta ce filin babu kowa, ya gane ba ka karanta ba. Abin da ya fi shi ne ka faɗi inda aikinka ya tsaya kusa da nasu: ko ka kalli abin daga inda aka tashi maimakon inda aka sauka, ko ka yi amfani da takardun da ba su yi amfani da su ba, ko ka bi sawun mata a tafiyar. Jumla ɗaya ko biyu ta isa, bitar ayyukan magabata tana cikin maƙalar.

A nuna mana cikakken misali.

Ga shi. Maƙalar da marubucin na misali ne, sunaye kuma an bar su babu. Ga mujallar Turanci ko Larabci ko Faransanci, tsarin bai canzawa, harshen ne kawai.

> Zuwa ga Edita, Farfesa Wance,
>
> Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina gabatar da maƙalata mai taken “Guzuri a Kan Hanya: Ƙwadago da Aikin Hajji Tsakanin Kano da Gezira, 1925–1955” domin a duba yiwuwar buga ta a matsayin maƙalar bincike. Tsawonta kalmomi 8,200 ne har da bayanan ƙasan shafi, tare da taswira ɗaya da na zana da kaina.
>
> Maƙalar ta nuna cewa mahajjata da yawa sun bar gida da niyyar su nemi kuɗin tafiyar a kan hanya, musamman a gonakin auduga na Gezira bayan kammala madatsar ruwa ta Sennar a 1925. Ayyukan da suka gabata sun fi kallon waɗannan mutane bayan sun zauna a Sudan. Ni na kalle su daga inda suka tashi, ta hanyar takardun Taskar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna da hirarraki da iyalan waɗanda suka yi tafiyar. Ina ganin ta dace da mujallarku saboda tana ci gaba da muhawarar da kuka buga kwanan baya kan ƙaura da neman abinci a zamanin mulkin mallaka.
>
> Ba a taɓa buga maƙalar ba, kuma ba ta gaban wata mujalla a yanzu. An gina ta a kan babi na huɗu na kundin digirina na uku, wanda ke ajiye a ɗakin karatun jami'armu. Duk waɗanda na yi hira da su sun amince, kuma na sauya sunayen waɗanda suka nemi haka. Na samu tallafin bincike daga asusun TETFund. Ba ni da wata alaƙa da za ta iya shafar sakamakon.
>
> Na cire sunana daga kwafin da za a ba masu bita. Na gode da lokacinku.
>
> Wane Wane, Sashen Tarihi, Jami'a kaza, tare da adireshin imel da lambar ORCID.

Lura da jumlar ƙarshe ta sakin layi na biyu. A wasiƙa ta gaske, nan za ka ambaci maƙalar da mujallar ta buga da sunan marubucinta da shekarar, kuma ya zamana ka karanta ta. Idan ka ambaci abin da ba ka karanta ba, mai yiwuwa marubucin nan ne za a ba bitar aikinka.

Maƙalar daga kundin digirina na ciro ta. In faɗa ko in yi shiru?

Ka faɗa. Yawancin mujallu ba sa ɗaukar kundin digiri a matsayin abin da aka buga, amma da yawa suna saka maƙala a manhajar gano kwafe irin su iThenticate ko Turnitin. Idan jami'arku ta ɗora kundaye a intanet, manhajar za ta nuna kamanceceniya mai yawa, kuma editan da ba a sanar da shi ba zai iya zaton satar fasaha ce. Jumla ɗaya a wasiƙa tana kashe wannan zargi. Haka ma idan ka taɓa gabatar da ita a taron ƙara wa juna sani, musamman idan an buga takardun taron a littafi, domin wannan ana iya ƙirga shi a matsayin bugu.

Maƙala kan Hajji tana da wani ƙarin abu a nan. Ayoyi da hadisai da fassararsu su ma suna ɗaga adadin kamanceceniyar, tunda dubban rubuce-rubuce suna ɗauke da su. Idan maƙalarka ta fiƙihu ce mai yawan nassi, ba laifi ka ambata, ka kuma faɗi fassarar Alƙur'ani da ka yi amfani da ita ko ka ce taka ce.

Na taɓa aiki da hukumar jin daɗin alhazai ta jiharmu, kuma maƙalar kan hukumar ce. Wannan matsala ce?

Ba matsala ba ce idan ka bayyana, ɓoyewar ce matsala. Masu rubutu kan Hajjin zamani da yawa daga cikin harkar suka fito: wani ya yi malamin bita, wani ya je a tawagar likitoci, wani kujerar gwamnati ya samu, wani yana da hannu a kamfanin jirgin yawo. Wannan kusanci ne ya ba su damar ganin abin da baƙo ba zai gani ba. Amma idan maƙalarka ta ce tsarin masauki a Makka ya inganta a shekarar da kai ne jami'in masauki, dole edita ya sani. Ka rubuta a fili: “Na yi aiki da hukumar daga shekara kaza zuwa kaza, hukumar ba ta ba da kuɗin binciken ba kuma ba ta duba rubutun ba.” Idan ta ba da kuɗi, ka faɗa. Idan alƙaluman da ka yi amfani da su daga fayilolin ofis ka samo su, ka faɗi ko an ba ka izini.

Wanda kuma ya tattara bayanansa yana cikin aikin Hajjin da kansa, yana mahajjaci yana mai bincike, shi ma ya ambata a taƙaice. A fannin nazarin al'umma wannan hanya ce karɓaɓɓiya.

Wasu daga cikin waɗanda na yi hira da su sun zauna a Saudiyya babu takardu. Me zan ce game da su?

Ka tabbatar wa edita cewa ba za a iya gane su ba, kuma ka tabbata da gaske haka ne. Sauya suna kaɗai bai isa ba idan ka bar unguwa da sana'a da shekarar da mutum ya shiga da bizar Umara. Wanda har yanzu yana can, ko yana da 'ya'ya a can, bayani irin wannan yana iya jawo masa kamu da kora. A wasiƙar ka faɗi abu uku: sun amince, an sakaya su, kuma kwamitin ɗa'ar bincike na jami'arku ya ba da izini, tare da lambar izinin idan akwai. Idan ba ka nemi izinin ba, kada ka ƙirƙiro. Ka faɗi yadda ka nemi amincewarsu, ko da ta baki ce, domin tsofaffi da yawa ba sa yarda su sa hannu a takarda, kuma editocin da suka san fagen sun san haka. Mujallun lafiya dai ba sa sassauci a wannan.

Hotuna ma haka. Idan ka sa hoton tsohon fasfon Hajji na kakan wani, ko shafi daga taskar tarihi, ka faɗi cewa kana da izinin bugawa.

Shekarun Hijira da rubutun sunayen Larabci fa, suna shiga wasiƙa?

Layi ɗaya, idan maƙalar tana buƙata. Tsarin rubuta Larabci da boko na mujallar za ka bi, ka ce ka bi shi. Amma shekara tana da tarko na musamman. Watan Zulhajji yana matsowa da kusan kwana goma sha ɗaya kowace shekarar Miladiyya, har ta kai an yi tsayuwar Arfa sau biyu a 2006, ɗaya a Janairu, Hajjin 1426, ɗaya a ƙarshen Disamba, Hajjin 1427. Wanda ya rubuta “Hajjin 2006” a take ko a wasiƙa bai faɗi wanne ba. Haka kuma mai jera alƙaluman alhazan Nijeriya shekara bayan shekara ya tuna cewa a 2020 da 2021 ba a je daga waje ba saboda annobar korona, sai ya yi bayanin giɓin kafin mai bita ya tambaya.

An ce in ba da sunayen masu bita. Wa zan sa?

Sai idan mujallar ta nema. Idan ta nema, ka ba da mutum uku ko huɗu da suka buga aiki a kan batun, da adireshinsu na wurin aiki. Ban da wanda ya duba kundinka, ban da abokin aikinka na sashe ɗaya, ban da wanda kuka yi rubutu tare a 'yan shekarun nan. Ga maƙalar hanyar ƙasa, yana da kyau a haɗa wanda ya san tarihin Arewacin Nijeriya da wanda ya san Sudan, tunda da wuya a samu mai riƙe da duka biyun. Edita ba dole ne ya ɗauka ba, amma jerin yana nuna masa ko ka san mutanen fanninka.

Zan iya aika wa mujallu biyu a lokaci ɗaya, wadda ta riga amsawa ita ke nan?

A'a. Mun san matsin: lokacin ƙarin girma ya matso, ana ƙirga maƙaloli. Amma jumlar “ba ta gaban wata mujalla” alkawari ne da ka sa wa hannu. Masana aikin Hajjin Afirka ta Yamma ba su da yawa, abu ne mai sauƙi mujallu biyu su tura wa mutum ɗaya maƙalarka. Idan ka gaji da jira, ka rubuta ka janye ta, ka jira su tabbatar, sannan ka kai gaba. Kuma ka sake wasiƙar tun daga farko. Ba ƙaramin abin kunya ba ne wasiƙa ta isa mujalla ta biyu ɗauke da sunan ta farko.

Mujallar ta intanet take karɓa, ba ta imel ba. Ina zan sa wasiƙar?

Manyan mujallu suna amfani da manhajojin karɓar maƙala irin su ScholarOne ko Editorial Manager, na jami'o'i da yawa kuma OJS. Za ka ga ko dai akwatin da ake liƙa wasiƙar, ko wurin ɗora ta a matsayin fayil daban. Kada ka haɗa ta da maƙalar a fayil ɗaya, domin wasiƙar tana ɗauke da sunanka, masu bita kuma bai kamata su gan shi ba. Duba bayanan fayil ɗin maƙalar ma, Word yana ajiye sunan mai kwamfuta a ciki. Sannan ka bi rubutun ka cire wuraren da suka tona ka, kamar godiya ga malaminka ko “kamar yadda na nuna a kundina”.

Idan kuwa mujalla ce ta fara aiko maka da saƙo tana yabon aikinka, tana alkawarin bugawa cikin mako biyu idan ka biya, ba wasiƙar rakiya take jira ba, kuɗinka take jira, kuma kwamitocin ƙarin girma da yawa sun daina ƙirga irin waɗannan.

Shiru ya yi yawa. Yaushe zan tuntuɓe su?

Duba ko mujallar ta faɗi tsawon lokacin bitarta. Idan ba ta faɗa ba, wata uku zuwa huɗu ba abin mamaki ba ne a fannin tarihi da addini. Bayan haka ka aika layi uku: taken maƙalar, lambar da aka ba ta, ranar da ka aika, da tambayar inda aka kwana. Kada ka nemi lambar wayar editan ka kira shi, kada kuma ka sa wani babba ya yi maka magana.

An dawo mini da ita a gyara. Wasiƙar farko zan sake aikawa?

Sabuwa za ka rubuta, kuma wannan tana iya wuce shafi ɗaya. Ka ɗauki maganganun masu bita ɗaya bayan ɗaya, ka faɗi abin da ka yi da shafin da gyaran yake. Inda ba ka yarda ba, ka faɗa da hujja. A ce mai bita ya nemi ka faɗaɗa maƙalar ta haɗa da hijirar Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a 1903 da mabiyansa da suka kafa garin Mai Wurno a Sudan. Kana iya amsawa cewa ka ƙara sakin layi a shafi na 4 da ke nuna yadda wannan al'umma ta riga mahajjatanka zama a yankin, amma ba ka mayar da ita jigon maƙalar ba, domin waɗancan gudun mulkin Nasara ne ya tashe su, naka kuwa sun tashi ne bayan mulkin ya kafu, kuma takardun da ka dogara da su daga 1925 suka fara. Idan masu bita biyu suka saɓa wa juna, ɗaya ya ce a ƙara, ɗaya ya ce a rage, ka nuna wa edita saɓanin, ka faɗi wanda ka bi da dalilinka.